Idan Takardar Gwajin Jini Ta Nuna Iyosinofil Ya Hau

 Yau sharhinmu a kan layi ɗaya ne tak da ke cikin takardar gwajin jini, layin da mutane da yawa ke wucewa ba su kula ba, wasu kuma su gan shi hankalinsu ya tashi ba su san dalili ba. A takardar ana rubuta shi da haruffa uku, EOS, ma'aikatan ɗakin gwaji kuma suna kiransa iyosinofil.

Iyosinofil ɗaya ne daga cikin fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da jiki ke kare kansa da su. Ɓargon ƙashi ne ke haifarsa, ya ɗan zagaya cikin jini na wasu sa'o'i, sannan ya shige cikin naman hanji da huhu da fata ya zauna. Wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ya bayyana shi a shekarar 1879, bayan ya lura cewa wasu ƙwayoyi suna shan wani jan rini fiye da 'yan'uwansu. Babban aikinsa shi ne faɗa da abin da ya fi ƙarfin a haɗiye shi, wato tsutsa. Yakan manne a jikinta ya zuba mata guba. Wannan gubar ce kuma, idan ta zuba inda babu tsutsa, take kumbura hanyar numfashin mai asma, take sa fata ƙaiƙayi.

Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, hawan iyosinofil ba cuta ba ce a karan kanta. Sawu ne. Wanda ya ga sawu a bakin gonarsa ba sharewa zai yi ya koma gida ba, zai bi ne ya ga abin da ya taka. Ina faɗin haka ne domin akwai maganin da ke iya goge wannan lamba cikin kwana ɗaya ko biyu, ya bar abin da ya jawo ta yana ci gaba da ɓarna, kuma za mu zo kansa.

Bari mu fara da yadda ake karanta lambar, domin nan ne kuskure na farko yake. Takarda takan ba da kaso cikin ɗari, a ce iyosinofil kashi 3 ne ko kashi 10. A mai lafiya yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 6. Amma kaso shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Sai an duba jimillar fararen ƙwayoyin, layin da aka rubuta WBC, a fitar da kason daga cikinta. Mutumin da jimillarsa ta kai 8,000, iyosinofil kuma kashi 15, to ainihin adadinsa 1,200 ne a kowace maikirolita ta jini, kuma ya hau. Wani kuma jimillarsa 3,000 ce kawai, iyosinofil kashi 10. Ido zai ga goma ya firgita, alhali adadin 300 ne, bai wuce ƙa'ida ba. Wannan mutum na biyu matsalarsa tana wani wuri, a tambayi abin da ya rage masa fararen ƙwayoyi. Iyakar da likitoci suka amince da ita 500 ce. Daga 500 zuwa 1,500 hawa ne kaɗan, daga 1,500 zuwa 5,000 matsakaici, abin da ya haura 5,000 kuwa mai tsanani ne. Wasu na'urori suna rubuta 0.5 a maimakon 500, ma'anar ɗaya ce.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ƙananan ɗakunan gwaji irin namu. Na'urori da yawa kashi uku kawai suke raba fararen ƙwayoyi, ba sa ware iyosinofil shi kaɗai, sai su haɗa shi da wasu su rubuta MID ko MXD. Idan wannan layi ya yi yawa, a roƙi ma'aikacin gwaji ya shafa ɗigon jini a gilashi, ya rina, ya ƙirga ƙwayoyi ɗari da idonsa a madubin gwaji. Tsohon aiki ne, ba ya buƙatar wani abu mai tsada, kuma har gobe shi ne abin dogaro.

To, lamba ta hau. Me ya jawo? A littattafan da aka rubuta a Turai za ka ga an fara da hasasiya, wato jikin da ke bori idan ya haɗu da ƙura ko furen ciyawa ko wani abinci. Can gaskiya ne. A nan Fau kuwa, ni a ganina, duk wanda ya fara da hasasiya ya fara daga ƙarshen layi. Mu muna zaune ne a bakin ruwan tur'a.

Aikin noman Rahad ya fara ne a shekarar 1977, faɗinsa wajen fadan 300,000, kuma a nan Fau aka kafa hedikwatarsa. Ruwan da ke shayar da auduga da gyaɗa da dawar hawashoshinmu yana tafiya a hankali cikin manyan magudanai da ƙanana, har ya sauka abu ishirin. Ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan ƙananan katantanwa iri biyu. Ɗaya tana ɗauke da tsutsar da ke zama a jijiyoyin mafitsara, mai kawo tsargiya, wato fitsarin jini. Ɗayar tana ɗauke da wadda ke zama a jijiyoyin hanji da hanta. Duka biyun su ne bilharsiya, cutar da Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Manyanmu za su tuna aikin kiwon lafiya na Bulu Nayil, wanda gwamnatin Sudan ta kafa tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 1979 domin yaƙi da bilharsiya da maleriya da gudawa a Jazira da Managil da Rahad. A shekarunsa an kashe katantanwa, an bi mutane ana gwaji ana ba da magani, cutar ta lafa a Rahad. Da aikin ya ƙare wajen 1990, sai ta sake samun wurin zama.

Me ya sa bilharsiya ke tayar da iyosinofil, alhali wasu cututtukan ciki ba sa yi? Domin ita tana ratsa nama ne. 'Ya'yan tsutsar suna fitowa daga katantanwa, su huda fatar wanda ya shiga ruwa, su bi jini ta huhu zuwa hanta, su girma a can. Idan sun fara ƙwai, wasu ƙwan suna fita ta fitsari ko bayan gida, wasu kuma suna maƙalewa a bangon mafitsara ko cikin hanta, jiki ya yi ta yaƙi da su shekara da shekaru. Ƙa'idar ke nan: tsutsar da ta taɓa nama ita ke tayar da iyosinofil. Wadda ke kwance cikin ramin hanji kawai, irin doguwar tsutsar da ake samu daga naman shanun da bai dahu ba, sau da yawa ba ta motsa lambar sosai.

Wannan ƙa'ida tana da amfani ƙwarai, domin tana gaya mana abin da ba za mu ɗora wa laifi ba. Maleriya ba ta tayar da iyosinofil. Taifot ba ya tayar da shi, hasali ma a tsakiyar zazzaɓinsa lambar faɗuwa take yi. Kala'azar, wanda jiharmu ta Gadarif ta sani fiye da ko'ina a Sudan, shi ma rage fararen ƙwayoyi yake yi, har da iyosinofil. Amiba da jiyadiya, da ake yawan rubuta mana a takardar gwajin bayan gida, ba tsutsotsi ba ne, kuma ba sa ɗaga shi. Saboda haka idan an ce maka kana da jiyadiya, iyosinofil ɗinka kuma 2,000 ne, to ka sha maganin jiyadiyar, amma ba a gama bincike ba tukuna. Akwai wani abu na biyu da ba a gano ba.

Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki. Mu ɗauka yaro ne ɗan shekara 12, nauyinsa kilo 30, wanda iyayensa suka baro birni saboda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, suka sauka wajen dangi a ɗaya daga cikin ƙauyukan aikin. Irin waɗannan baƙi mun gansu da yawa, musamman bayan yaƙin ya kai Wad Madani a watan Disambar 2023. Yaron bai taɓa shiga tur'a ba a rayuwarsa. Ya bi sa'o'insa wanka da rana tsaka. Bayan mako biyar sai zazzaɓi, da busasshen tari, da borin jini mai tashi ya kwanta, da ciwon ciki ta gefen dama. An gwada maleriya ba a samu ba. Takardar jini ta nuna jimilla 12,000, iyosinofil kashi 25. Lissafi ya ba mu 3,000. Aka gwada fitsari da bayan gida, ba a ga ƙwan komai ba.

A nan ne ake yawan ɓata hanya. Mai duba shi zai iya cewa tunda ga tari, ga ƙaiƙayi, ga iyosinofil, gwaji kuma bai nuna tsutsa ba, to hasasiya ce. Amma tambaya ɗaya za ta sauya komai: ɗana, ka shiga ruwa? Yaushe? Tsutsar bilharsiya tana bukatar makonni kafin ta fara ƙwai. Ta hanji takan kai mako biyar zuwa shida ko fiye kafin a ga ƙwanta a bayan gida, ta mafitsara kuma takan kai wata biyu zuwa uku. Jini yana riga fitsari ba da labari. Abin da ke damun yaron nan shi ne zazzaɓin farkon kamuwa da bilharsiya, wanda likitoci ke kira zazzaɓin Katayama, kuma ya fi kama wanda jikinsa bai taɓa sanin tsutsar ba. Ɗan gari da ya tashi a ruwan tun yana rarrafe ba kasafai yake yinsa ba.

Maganin bilharsiya firazikwantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. Yaronmu mai kilo 30 zai sha miligiram 1,200, wato ƙwaya biyu, tunda kowace ƙwaya miligiram 600 ce. A sha bayan an ci abinci, domin yana tayar da zuciya ya sa jiri a cikin da babu komai. Sai dai wannan magani yana da iyaka da ya kamata kowa ya sani: babbar tsutsa yake kashewa, ba ya cin ƙarfin wadda ba ta gama girma ba. Don haka a irin wannan hali likita yakan tsara lokacin sha, ya kuma maimaita bayan wasu makonni, lokacin da ragowar suka girma. Iyayen da suka ba da sau ɗaya suka ɗauka an gama, bayan wata uku sai su ga jini a ƙarshen fitsarin yaro su ce maganin jabu ne, alhali ba a cika aikin ba ne. Haka kuma idan an sake gwajin jini mako biyu bayan shan magani aka ga iyosinofil ya ƙara hawa, kada a tsorata. Matattun tsutsotsi ne jiki ke sharewa. Lambar takan ɗauki watanni kafin ta sauka daidai.

Shi kuwa ɗan gari, wanda cutar ta daɗe a jikinsa, lambarsa ba ta cika tsalle haka ba. Za ka gan ta 700 ko 900, wani lokaci ma ba ta wuce ƙa'ida ba sam, ga kuma ƙwai fal a fitsarinsa. Don haka iyosinofil da bai hau ba, bai wanke mutum daga bilharsiya ba. Ga masu kai fitsari gwaji, a kai na tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, a tabbatar ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar, domin a nan ƙwan ya fi taruwa. Bayan gida kuma, abin da ake ɗiba a shimfiɗa a gilashi bai kai ƙwayar shinkafa uku ba, saboda haka gwaji ɗaya yana iya kuskure. Idan zato ya yi ƙarfi a maimaita a ranaku daban-daban, har sau uku.

Ba bilharsiya kaɗai ke ratsa nama ba. Akwai tsutsar da ke huda tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi a danshin gona, ta je hanji ta manne tana shan jini, mai ita ya yi ta fama da ƙarancin jini tare da hawan iyosinofil. Wannan albendazol yana maganinta. Akwai kuma 'yar'uwarta da nake so ku saurara da kyau a kanta, wadda likitoci ke kira istiranjiloidis. Ita ma ta fata take shiga, amma tana da wata ɗabi'a da sauran ba su da ita: tana hayayyafa cikin jikin mutum, 'ya'yanta su sake huda hanjinsa su koma ciki, ba tare da sun fita waje ba. Haka za ta zauna shekara ashirin ko talatin, ba alama sai ɗan ciwon ciki jefi-jefi da iyosinofil da ke hawa yana sauka. Gwajin bayan gida na yau da kullum yakan rasa ta. Albendazol ƙwaya ɗaya da ake raba wa yara a makarantu ba ya kawar da ita. Maganinta aibamektin ne.

Yanzu mun zo kan maganin da na ambata da farko. Deksametazon da firedinisolon, da allurar da ake yi wa mai ƙaiƙayi ko mai tari a ce ta hasasiya ce, har da ƙwayoyin da wasu 'yan mata ke sha domin ƙiba, duk dangi ɗaya ne. Suna kwantar da iyosinofil nan take. Tari ya lafa, fata ta huce, takarda ta yi kyau. Amma suna yin haka ne ta hanyar danne garkuwar jiki. Idan mutum yana ɗauke da istiranjiloidis aka danne masa garkuwa, tsutsar takan ɓarke ta yi yawa, ta mamaye huhu, ta kwaso ƙwayoyin cutar hanji ta zuba cikin jini, kuma wannan hali yana kisa. Ba ina cewa waɗannan magunguna ba su da wuri ba. Mai asma da numfashinsa ya sarƙe yana bukatarsu, shi ma yaronmu mai zazzaɓin Katayama likita zai iya ba shi na 'yan kwanaki idan abin ya tsananta. Amma likita ne zai bayar, bayan ya yi tunanin wannan tsutsa, sau da yawa ma ya fara da aibamektin. Ina roƙon masu shagunan magani, don girman Allah, kada ku miƙa wa mutum deksametazon saboda kawai ya nuna muku takarda mai iyosinofil. Wanda kuma ya riga ya sha kafin gwaji ya faɗa wa likita, domin lambar da za ta fito ba ta gaskiya ba ce.

Hasasiya ita ma gaskiya ce, kuma muna da ita. Lokacin casar dawa da tsinkar auduga ƙura takan tayar wa mutane da yawa asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. Sai dai hawan da take kawowa yawanci kaɗan ne, ba kasafai yake haura 1,500 ba. Idan lamba ta kai 3,000 ko 4,000 aka ce maka hasasiya ce kawai, ka nemi a ƙara dubawa.

Saura dalili na uku, wanda bai kai tsutsa yawa ba amma ya fi ta gaggawa, wato jiki ya ƙi wani magani. Don haka ma tambayar farko da likita nagari ke yi ita ce: Baba, wane sabon magani ka fara sha cikin wata biyun nan? Akwai magungunan da aka sani da wannan: kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton na farfaɗiya, alofurinol da ake ba masu ciwon gaɓoɓi na gawut, magungunan salfa irin su Seftirin, dafson na kuturta, da wasu daga cikin na tarin fuka. Abin da ke ruɗar mutane shi ne jinkirinsa. Mun saba cewa idan magani bai karɓi mutum ba, a ranar ko kashegari za a gani. Wannan kuwa sai bayan mako biyu zuwa takwas yake bayyana, lokacin da mai shan ya saki jiki da maganin, ba zai ma kawo shi cikin lissafi ba.

Ga yadda yake zuwa. Mace ce, a ce, aka ɗora ta kan kabamazefin. Mako huɗu lafiya lau. Sai zazzaɓi mai zafi, sai ƙuraje jajaye su feso daga fuska da ƙirji su bazu, fuska ta kumbura musamman kewayen idanu, kaluluwa ta fito a wuya da hammata. 'Yan gida su ce ƙyanda ce, ko a yi ta ba ta maganin maleriya, tana kuma ci gaba da haɗiyar ƙwayar farfaɗiyarta safe da yamma. A cikin jiki kuwa hanta ce ke kumbura, wani lokaci har da ƙoda ko zuciya. Idan fararen idanu suka fara yin ɗorawa, ko fitsari ya ragu, abin ya yi nisa. Wannan ba na jira ba ne, a kai ta asibiti a ranar, a tafi da duk kwalaye da takardun magungunan da take sha, har da na gargajiya. Babban magani shi ne dakatar da abin da ya jawo. Amma mai farfaɗiya ba a yanke masa magani haka kawai a bar shi, domin faɗuwa za ta dawo da ƙarfi, sai likita ya musanya da wani. Kuma ba a musanya kabamazefin da fenitoyin ko fenobabiton, domin jikin da ya ƙi ɗaya yakan ƙi sauran biyun. Bayan ta warke a rubuta sunan maganin a kati ta riƙa yawo da shi, kada ta sake shansa har abada.

Akwai 'yan ƙalilan da za a bi duk waɗannan hanyoyi, a ba da maganin tsutsa yadda ya kamata, a dakatar da magungunan da ake zargi, amma lambar ta ƙi sauka ƙasa da 1,500 a gwaji biyu da ke da tazarar wata guda ko fiye. Irin wannan ba a barinsa a ƙauye. Iyosinofil da ya daɗe da yawa cikin jini shi kansa yana lalata bangon zuciya da huhu da jijiyoyi, kuma wani lokaci ɓargo ne ya samu matsala, ko kuwa ciwon daji ne na kaluluwa. Idan akwai rama, da zufar dare, da kaluluwar da ba ta ciwo kuma ba ta sacewa, ko numfashi yana gazawa ƙafafu suna kumbura, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Gadarif ko Wad Madani, inda likitan jini zai duba. A tafi da dukkan tsofaffin takardun gwaji a jere bisa kwanan wata, domin yadda lambar ta yi ta tafiya cikin watanni ya fi gaya wa likita gaskiya fiye da takardar rana ɗaya.